Mafarkin tashi sama: sauƙin ruhi ne ko kumburin rai?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ƴan'uwa, cikin mafarkan da ake kawo wa malamai da muƙaddamai, kaɗan ne suke zuwa da murna irin ta mafarkin tashi sama. Mutum ya ga ƙafafunsa sun rabu da ƙasa, ya wuce saman gidaje da itatuwa, iska na ɗauke da shi, ba nauyi ba gajiya. Idan ya farka sai ya ji kamar an ba shi wata kyauta a asirce, kuma tambayar da ke bakinsa ɗaya ce: mene ne fassarar tashi? Abin da wannan rubutu yake son ya nuna shi ne wannan tambaya ba ta cika ba. Tashi ba shi da fassara guda. Mutum biyu za su ga sura iri ɗaya a dare ɗaya, ga ɗaya alamar an kwance masa wani ɗauri ce, ga ɗayan kuwa alamar wani ɗauri ne da ya ƙara tamke shi. Abin da ke raba su shi ne halin da zuciya take ciki lokacin da take sama, da abin da ya rage a cikinta bayan ta sauko.

Abin da littattafan fassara suka ce

Idan mutum ya buɗe littafin da ake jingina wa Muhammadu ɗan Sirina, tabi'in nan na Basra da ya rasu a shekara ta 110 bayan hijira, ko littafin Ta'aɗirul Anam na Shehu Abdulganiyyu Annabulusi, sufin Dimashƙa da ya rasu a 1143, zai tarar ba su tsaya kan ma'ana ɗaya ba. Sun fassara tashi da tafiya. Sun fassara shi da samun mulki da ɗaukaka, musamman ga wanda ya ga ya tashi bisa dutse. Sun fassara shi da yawan buri da dogon guri. Sun kuma fassara shi da ajali, ga wanda ya lula sama ya ɓace bai dawo ba, musamman in marar lafiya ne. Tafiya, mulki, buri, mutuwa: abubuwa huɗu da ba su yi kama da juna ba, duk daga sura guda.

Mai gaggawa zai ce wannan ruɗani ne. Amma shi ne ainihin fannin. Akwai labari sananne cewa mutum biyu sun zo wa Ɗan Sirina, kowanne ya ce ya ga kansa yana kiran salla. Ya yi wa na farko bushara da aikin hajji, ya ce wa na biyu za a kama shi da sata. Da aka tambaye shi dalili, sai ya nuna cewa ya ga alamar kirki a fuskar na farko, ya tuna kiran da aka umarci Annabi Ibrahimu ya yi wa mutane zuwa hajji. Na biyu kuwa bai ga wannan alama gare shi ba, ya tuna mai shelar da ya kira ayarin ƴan'uwan Annabi Yusufu da ɓarayi. Kalma ɗaya, ma'ana biyu, kuma mai mafarkin ne ya raba su. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Bahaushe. To idan fuska tana ba da labari haka, ina ga zuciyar kanta, wadda ita ce ta yi mafarkin?

Dalilin da ya sa sura ba ta isa hujja ba

Hadisi ingantacce ya kasa mafarki gida uku: akwai na gari wanda bushara ce daga Allah, akwai na tsoratarwa da baƙantawa daga Shaiɗan, akwai kuma zancen da rai yake yi wa kansa. Abin lura shi ne wannan rabo ba a gina shi kan abin da ido ya gani ba. Ba a ce mai ganin ruwa yana kashi na farko, mai ganin wuta yana na biyu ba. An gina shi kan inda mafarkin ya fito. Tashi sama kuwa yana iya fitowa daga kowace ƙofa cikin ukun.

Akwai ma wani ɓangare na jiki da bai kamata mu manta ba. Masu binciken barci, tun daga aikin da aka yi a Jami'ar Shikago a 1953, sun gano cewa barci yana zagayawa matakai-matakai, kowane zagaye kamar minti 90, kuma akwai matakin da idanu ke motsi da sauri ƙarƙashin fatarsu. A wannan mataki ne mafarkai masu haske suka fi yawa, kuma a cikinsa ne gaɓoɓin jiki suke saki gaba ɗaya, mai barci ba ya iya motsa su. Matakin yana ƙara tsawo yayin da asuba ke matsowa. Wato mutum yana jin yana motsi, alhali ba ya jin nauyin ƙafa a ƙasa. Ba abin mamaki ba ne wannan hali ya ɗauki surar shawagi. Mumini yana yin mafarkin tashi, wanda bai yi imani ba ma yana yi, yaro yana yi, ɓarawo yana yi. Abin da kowa yake samu ba zai zama shaidar matsayin wani ba. Sura kamar ƙwarya ce da ake samu a kowane gida. Sai an leƙa ciki ake sanin nono ne ko tsaki.

Tashi biyu masu daɗi

Da a ce tashin ƴanci daɗi ne, tashin buri kuwa ɗaci, da an huta. Matsalar ita ce dukansu suna da daɗi. Sai dai daɗin ba iri ɗaya ba ne, kuma wanda ya saba bincikar zuciyarsa zai iya rabewa.

Na farko sauƙi ne. Mutum yana jin kamar an sauke masa kaya daga ka, irin jin da ɗan dako yake yi idan ya dire buhun gero ya miƙe wuya. Bai zama babba ba, nauyi ne ya ragu. A irin wannan mafarki mutum ba ya cika tuna ko akwai masu kallo. Hankalinsa yana ga faɗin sama, ko ga inda ya nufa. Ba ya jin tsoron faɗuwa, don ba shi ne yake riƙe da kansa ba, ɗauke shi aka yi.

Na biyu kumburi ne. Mutum yana jin ya ƙaru, ya wuce sa'o'insa. Idonsa ba ya sama, yana ƙasa, yana neman wane ne ya ɗaga kai ya gan shi. Sau da yawa akan sami wata fuska takamaimai a cikin taron: abokin gaba a kasuwa, ɗan'uba, surukin da ya taɓa raina shi. Kuma a ƙarƙashin daɗin akwai wata ƴar fargaba, yana ta kaɗa hannu don kada ya sauko.

Dubi shamuwa da shirwa. Dukansu suna sama. Shamuwa ta yi doguwar tafiya ta iso mana gab da damina, tashinta yana da alƙibla. Shirwa kuwa tana shawagi bisa gari, amma duk tsawon da ta yi idonta yana kan ƴan tsaki a tsakar gida. Jikinta ne a sama, bukatarta tana ƙasa, kuma ba ta hau ba sai don ta fi ganin abin da za ta sura.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan hijira, ya ware babi guda a Ihya'u kan zargin son girma da riya. A can ya bayyana cewa kamar yadda mai son dukiya yake son mallakar kaya, haka mai son girma yake son mallakar zukatan mutane. Idan mun ɗauki wannan ma'ana, za mu gane abin da ya sa tashin buri ba ƴanci ba ne ko kaɗan. Wanda ɗaukakarsa take cikin idon mutane, mutanen nan ne suke riƙe da igiyarsa. Ranar da suka juya kai, ya faɗo. Yana ganin ya fi su, alhali ya fi kowa bukatarsu.

Mafarkin Abdullahi ɗan Umar

Muna da misali ingantacce na irin tashin farko. Buhari ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar, Allah ya yarda da su, tun yana saurayi a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi mafarki yana riƙe da wani yanki na alharini. Duk wurin da ya nufa a cikin Aljanna sai yankin ya tashi da shi zuwa can. Bai je masallaci ya ba da labari ba. Ya faɗa wa ƴar'uwarsa Hafsa, uwar muminai, ita ce ta kai maganar gaban Annabi. Amsar da ta dawo shaida ce cewa Abdullahi mutumin kirki ne, kuma a ruwayar da ta haɗa wannan mafarki da wani da ya yi, an haɗa yabon da fatan da ma yana sallar dare. Daga nan aka ruwaito cewa ba ya barci da dare sai kaɗan.

A lura da abubuwa uku. Na ɗaya, ba da ƙarfinsa ya tashi ba, wani abu ne ya ɗauke shi. Na biyu, babu taro a cikin mafarkin, babu wanda ya wuce, akwai dai inda ya nufa. Na uku, abin da mafarkin ya haifa aiki ne na ɓoye, wanda ake yi lokacin da idanu suke rufe. Sauran rayuwarsa kuma ta gaskata haka. Ɗan halifa ne, ya yi tsawon rai har bayan shekara ta 70, ya ga fitinun da aka yi kan mulki, an sha ambatonsa cikin waɗanda suka cancanta, amma ya janye hannunsa. Mutumin da ya tashi a mafarki ya ƙare kwanansa yana ƙin hawa kujera.

Tashin buri shi ma yana da nasa tarihin. Fir'auna ya umarci Hamana ya gina masa doguwar hasumiya don ya kai ga hanyoyin sama. Iblis kuwa bai faɗi don ya rasa matsayi ba, ya faɗi ne a daidai lokacin da ya auna kansa da wani ya ga ya fi shi. Saboda haka manyan sufaye ba su ɗauki tashi a bakin komai ba, ko da a farke ne. Magana ce sananniya daga Abu Yazidal Bisɗami cewa ko an ga mutum yana tafiya cikin iska, kada a ruɗu da shi sai an ga yadda yake wajen umarni da hani da kiyaye iyakokin shari'a. Idan haka ne hukuncin tashi ido biyu, mene ne na tashi a kan tabarma?

Mu bi misali ɗaya daki-daki

A ƙaddara wani ɗan'uwa ne mai shekara 40, ɗan kasuwa, ya daɗe a zawiya, ba ya fashin wazifa. Muƙaddamin unguwarsu ya tsufa, an fara raɗe-raɗin wanda zai gaje shi. Wata asuba ya yi mafarki ya tashi daga tsakiyar da'irar zikiri, ya wuce saman hasumiyar masallaci, yana sanye da fararen kaya. Ya farka zuciyarsa na bugawa, ya ce wannan ishara ce.

Idan ya tafi da surar kawai, komai yana goyon bayansa: masallaci, zikiri, farin tufa, lokacin asuba. Amma malami mai basira ba zai fara da buɗe littafi ba, zai fara da tambaya.

Zai ce masa: Malam, da kake sama, ina kake kallo? Idan ya yi gaskiya ya ce yana kallon da'irar ne, yana ganin kawunan ƴan'uwa sun ɗago, kuma ya gane fuskar wane, wanda shi ma ake ambata a zancen gadon, to rabin fassarar ta fito. Zai sake tambaya: da ka farka, mene ne farkon abin da ya zo maka, kuma wa ka so ka fara faɗa wa? Idan abin da ya zo shi ne lissafin yadda labarin zai isa kunnen manya, to mafarkin bai kawo sabon abu daga waje ba. Zancen da ya kwana yana yi da ransa ne ya sa rawani ya dawo masa. Tambaya ta ƙarshe ita ce mai zafi: da za a naɗa wancan ɗan'uwan gobe, daɗin mafarkin nan zai saura? In zai koma ɗaci, to daɗin tun farko na kujera ne.

Yanzu a bar surar yadda take, a sauya amsoshin. Ya ce bai tuna ya kalli ƙasa ba. Ya ce abin da ya ji shi ne kamar zancen gadon nan da ya dame shi wata da watanni ya zama ƙarami, har ya ji kunyar yadda ya riƙe shi. Ya farka ya yi alwala da natsuwa, da rana ya haɗu da wancan ɗan'uwan ya gaishe shi ba tare da ƙullin da ya saba ji a ƙirji ba. To wannan ana yi masa fatan alheri. Kuma duba abin mamaki: a nan ma mafarkin bai ce shi ne muƙaddami ba. Abin da ya ce shi ne an sauƙaƙe masa son zama muƙaddamin. Wannan ya fi naɗin daraja, domin naɗi mutane ne ke yi, wannan kuwa ba mai iya yi wa bawa sai Ubangijinsa.

Akwai tashi na uku da ya kamata a ambata a taƙaice, wato tashin gudu. Wanda bashi ya yi wa katutu, ko rigimar gida ta ishe shi, yakan ga ya tashi ya bar masu binsa a ƙasa. Akwai sauƙi a ciki, amma sauƙin kuɓuta ne, yana waiwaye. Saurayin da ya riga ya ƙulla a ransa zai bi hanyar Agadas zuwa Libiya, idan ya yi irin wannan mafarki ya ji an ce tashi tafiya ce, sai ya ɗauka an ba shi izini. Ba a ba shi ba. Tafiya ana yanke ta ne da shawara da istihara da yardar iyaye da duba haɗarin hanya. Bashin kuma yana nan yana jira, komai nisan jifa ƙasa zai faɗo.

Wata tuhuma mai ƙarfi

Mai hankali zai iya cewa: kun cire mu daga dogaro da sura kun mai da mu ga dogaro da ji, alhali ji ya fi sura yaudara. Rai gwani ne wajen shafa wa sha'awarsa turare. Mai jiji da kai ba ya jin kansa a matsayin mai girman kai, yana jin natsuwa ce da yaƙini. Wannan tuhuma gaskiya ce, kuma ba a kawar da ita da magana ɗaya.

Amsar ita ce ji shaida ne, ba alƙali ba. Ya fi sura kusa da gaskiya domin daga mai mafarkin ya fito, sura kuwa ta kowa ce, amma shi ma sai an tantance shi. Malaman tarbiyya sun daɗe suna auna abubuwan da ke ɗarsuwa a zuciya da abin da suke bari a baya. Wanda ya fito daga alheri yakan bar sanyi da tawali'u da son aiki. Wanda ya fito daga rai yakan bar naci da gaggawa da ƙaiƙayin a sani. Don haka ba daren mafarkin kaɗai ake dubawa ba, ana duba makon da ya biyo baya. Sallar asuba ta yi sauƙi ko tana nan yadda take? Haƙuri da iyali ya ƙaru ko ya ragu? Idan aka yi maka gyara a gaban mutane, ya fi zafi fiye da da, ko ya fi sauƙi? Wanda mafarki ya sa gyara ta ƙara yi masa zafi, kumbura ya yi. Kumburi kuwa, ko a jiki, da taɓawa ake gane shi.

Saboda wannan ne ma shari'a ta sa ladabi a kan ba da labarin mafarki: kada a faɗa sai ga masani ko masoyi mai nasiha. Ya zo a hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito cewa mafarki kamar a rataye yake a ƙafar tsuntsu, sai an fassara shi yake sauka. Masoyin da ake nufi ba mai daɗin baki ba ne. Shi ne wanda ya san ka a kasuwa da gida, wanda zai iya ce maka ɗan'uwa, wannan burinka ne, ba tare da ka zarge shi da hassada ba. Kuma ko mafarkin ya tabbata na gari, bushara ce kawai. Ba ya halatta haram, ba ya sauke wajibi, ba ya ba mutum matsayi a kan kowa.

Shin buri duka abin zargi ne?

A'a. Mutanen hanya suna yabon himma maɗaukakiya, kuma ba a kai ko'ina da mataccen rai. Wanda yake son ya haddace Alƙur'ani, ko ya gina sana'ar da za ta ciyar da gida goma, yana da buri, kuma yana iya ganin burin nan cikin surar tashi. Bambancin himma da son girma shi ne himma tana da inda ta nufa, son girma kuwa yana da wanda yake son ya wuce. Mai himma yana murna idan ya ga wani a gefensa cikin iska. Mai son girma sama takan yi masa ƙunci da zarar an zama biyu.

A tuna kuma da sahabin da aka yi wa laƙabi da mai tashi, Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib. A yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, ya riƙe tuta har aka sare hannuwansa biyu, aka ba da labarin cewa Allah ya musanya masa su da fukafukai biyu a Aljanna. Fukafukan sun fito ne a gurbin abin da ya bayar. Duk wanda ya ga kansa a sama, to ya tambayi ransa abin da ya saki har ya yi sauƙi haka. Idan ya sami amsa, ya gode wa Allah ya yi shiru. Idan kuwa ya duba ya ga bai saki komai ba, sai ma wani abu da yake son ya kama, ya nemi gafara, ya gode da aka nuna masa cutarsa tun yana da lokacin magani.

Allah ya sauƙaƙe mana nauyin kawunanmu, ya tsare mu daga son girma na fili da na ɓoye, ya sa abin da muke gani a barci ya zama sanadin gyaran abin da muke yi a farke. Allah ya ƙara tsira da aminci ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Amin.